Hukuncin daidai ne, me ya sa kotu za ta soke shi?

Tambaya: Malam, ina shekarar farko a karatun lauya. An koya mana cewa ba wanda zai zama alƙali a shari'ar da ta shafe shi. Abin da ya shige mini duhu shi ne, idan ba a kama mai yanke hukunci da son kai ba, kuma hukuncin nasa daidai ne, don me za a soke? Kuma ina iyakar abin, tunda kusan kowa ya san kowa?

Amsa: Ka fara da ƙwallon ƙafa, domin a nan abin ya fi fitowa fili. A ce an tashi wasa biyu da ɗaya, sai daga baya aka gano cewa alƙalin wasan shi ne mahaifin ɗan wasan da ya ci ƙwallo ta biyu. An sake kallon hoton wasan, ƙwallon ba ta da aibi, ba satar gida, ba taɓawa da hannu. Duk da haka ƙungiyar da aka ci ba za ta taɓa yarda da wannan sakamako ba, kuma ba za ka iya ganin laifinta ba. Ba ta da hanyar sanin sau nawa ya ga ƙeta ya kau da kai, ko minti nawa ya ƙara da gangan. Shi kansa alƙalin wasan ba lallai ne ya sani ba, domin son ɗa ba ya neman izini kafin ya yi aiki a zuciyar uba.

Daga nan ƙa'idar ta samo ƙafarta. Kotu ba ta da na'urar auna zuciya, kuma a tsarin shari'ar Ingila da ƙasashen da suka gaje shi ba a kiran alƙali a yi masa tambayoyin ƙure a kan abin da ya ji a ransa lokacin da yake yanke hukunci. Saboda haka doka ta bar tambayar da ba ta da amsa, wato ko ya yi son kai, ta koma ga wadda ake iya amsawa da hujja: wace alaƙa ce ke tsakaninsa da maganar, kuma yaya wannan alaƙa take a idon mai kallo daga waje. Son kai na zahiri, wanda aka tabbatar, yana soke hukunci, amma da wuya lauya ya bi ta wannan ƙofa. Tabbatar da shi na da wuya, kuma ba a bukatarsa. Ƙofofin da ake bi kullum biyu ne, kuma yawancin makin da ɗalibai ke asara a jarrabawa a wajen haɗa su wuri ɗaya suke zubewa.

Ƙofar farko ita ce wadda mai yanke hukunci yake da rabo a cikin sakamakon. A nan ba a tsayawa dogon nazari. Da zarar an nuna rabon, ya fita, ko da waliyyi ne. Shari'ar da aka gina wannan a kanta ita ce ta Dimes, a shekarar 1852. Dimes ya daɗe yana rigima da wani kamfani da ya haƙa hanyar ruwa ta jiragen dakon kaya, a kan filin da hanyar ta ratsa. Babban jami'in shari'a na Ingila a lokacin, Cottenham, ya tabbatar da umarnin da aka bayar wanda ya yi wa kamfanin daɗi. Daga baya sai ta bayyana cewa yana da hannun jari na dubban fam a kamfanin. Kotun ƙoli ta wancan zamani, wadda ke zama a majalisar dattawan Birtaniya, ta soke hukuncinsa, alhali ɗaya daga cikin alƙalan, Campbell, ya faɗi ƙarara cewa ba wanda zai yi zaton jarin ya karkatar da Cottenham ko kaɗan. Ka lura da wannan sosai: an wanke mutumin, an kuma soke hukuncinsa, a zama ɗaya. Wanda ya gane yadda waɗannan biyu suke zama tare ya gane rabin darasin.

An daɗe ana ɗauka cewa kuɗi ne kaɗai ke buɗe wannan ƙofa, sai shari'ar Pinochet ta faɗaɗa ta. An kama Pinochet, tsohon shugaban mulkin sojan Cile, a Landan a watan Oktoban 1998 bisa buƙatar Sifen. A watan Nuwamba alƙalai biyar na kotun ƙolin Birtaniya suka yanke cewa ba shi da rigar kariya, uku suka rinjayi biyu. Ƙungiyar Amnesty International ta shiga shari'ar ta gabatar da hujjojinta, kuma ɗaya daga cikin ukun, Mai Shari'a Hoffmann, darakta ne kuma shugaba a wani reshen agaji na ƙungiyar. Ba a biyansa ko kwabo. Amma bai bayyana alaƙar ba, kuma reshen da yake jagoranta yana neman manufa ɗaya da ƙungiyar da ta zama ɓangare a shari'ar. A watan Disamba aka jingine hukuncin, wasu alƙalai bakwai suka sake sauraron maganar daga farko a 1999. Sai dai kada ka miƙe ƙafa da wannan shari'a. Kotuna sun riƙe ta a matsayin abin da ba kasafai yake faruwa ba. Zama mamba kawai a wata ƙungiya bai kai nan ba, sai mutum yana cikin masu juya akalarta, kuma ita ko 'yar'uwarta tana cikin shari'ar.

Ko a ɓangaren kuɗin ma akwai iyaka. Rabon sai ya zama na kai tsaye, kuma sakamakon ya iya taɓa shi. Jami'in da kuɗin fanshonsa ke cikin wani babban asusu, asusun kuma yana da ɗan jari a ɗaruruwan kamfanoni har da wanda ke gabansa, ba a cewa yana da rabo, domin hukuncinsa ba zai motsa aljihunsa ta yadda za a ji ba.

Ƙofa ta biyu ta fi faɗi, kuma a nan aikin lauya yake. Mai yanke hukunci ba shi da rabo, amma akwai wani abu da ke sa a ɗaga gira: abota, gaba, dangantaka, wata magana da ya taɓa furtawa, ko wani mutum da ya zauna a inda bai kamata ba. Dubi shari'ar McCarthy, wadda aka yanke a ƙarshen 1923. McCarthy yana kan babur ya yi karo da wani, aka gurfanar da shi kan tuƙin ganganci. Magatakardan kotun lauya ne, kuma ofishin lauyoyin da yake da hannu a ciki shi ne ke neman diyya daga McCarthy a madadin wanda aka yi karon da shi. Da majistarorin suka shiga ɗaki domin shawara, sai ya bi su da takardunsa. Sun yi rantsuwa cewa ba su tambaye shi komai ba, kuma kotun sama ta yarda da su. Duk da haka ta soke hukuncin. A nan ne Mai Shari'a Hewart ya yi maganar da za ka yi ta ji har ka gama karatu, cewa bai isa a yi adalci ba, sai an ga ana yinsa a fili ba tare da shakka ba.

To amma idon wa za a yi amfani da shi? Wanda ya sha kaye kullum yana ganin an cuce shi, don haka ba nasa ba. An yi shekaru kotunan Ingila suna kai da komo a kan lafazin ma'aunin, har aka daidaita shi a shari'ar Porter da Magill a watan Disamban 2001. Ma'aunin shi ne: shin mai kallo mai adalci, wanda ya san abin da ya faru, bayan ya duba bayanan, zai kai ga cewa akwai yiwuwa ta gaske cewa mai hukuncin ya karkata? Kowace gaɓa a wannan jimla tana da aiki. Mai adalci yana nufin ba mai saurin zargi ba ne, ba kuma mai sakaci da ke haɗiye duk abin da aka ba shi ba. Wanda ya san abin da ya faru yana nufin ba daga kanun labari ya tsaya ba, ya san yadda hukumar take aiki, ya san cewa alƙali ya yi rantsuwar kama aiki, ya kuma ji bayanin da mai hukuncin ya bayar game da abin da ya sani da lokacin da ya san shi. Yiwuwa ta gaske kuwa tana ƙasa da a ce lallai ya karkata, tana kuma sama da zato. A ita shari'ar Porter da Magill, mai binciken kuɗi ya kira 'yan jarida ya sanar da sakamakon wucin gadi na bincikensa a kan shugabannin wata ƙaramar hukuma a Landan tun kafin ya kammala. Kotu ta ce bai kyauta ba, amma hakan bai kai ga nuna ya rufe zuciyarsa ba. Wasu ƙasashe suna da lafazinsu dabam, don haka ka haddace wanda kotun ƙolin ƙasar da kake karanta dokarta ta yi amfani da shi, ko da yake a aikace sakamakon yakan zo kusa da juna.

Batun iyaka kuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yi masa shinge a shari'ar Locabail a 1999. Ta ce addinin alƙali, ƙabilarsa, jinsinsa, shekarunsa ko arzikinsa ba za su zama dalilin neman ya janye ba. Haka nan, a bisa al'ada, makarantar da ya yi, aikin da ya taɓa yi, ra'ayin siyasar da ya taɓa riƙewa, ko hukuncin da ya yanke a wata shari'a can baya. Abin da ke iya zama dalili shi ne abota ta ƙut da ƙut ko gaba da wani da ke cikin maganar, kusanci da shaidan da za a auna gaskiyarsa, ko furuci mai zafi da ya nuna ba zai iya sauraro da buɗaɗɗiyar zuciya ba. Wato sanin mutum dabam, alaƙar da za ta iya jan hannu dabam. Abubuwa uku ake aunawa: kusancin alaƙar, daɗewarta ko sabuntarta, da yadda ta shafi ainihin abin da za a yanke.

Bari mu ɗora duk wannan a kan misali ɗaya irin wanda za ka tarar a takardar jarrabawa. Wata hukumar sufuri tana da kwamiti na mutum biyar da doka ta ba ikon bayar da lasisin jigilar fasinja a wata hanya. Kamfani biyu suka nema, lasisin ɗaya ne. Aka ba kamfani na farko da ƙuri'a huɗu, ɗaya ta ƙi. Kamfani na biyu ya zo wurinka da bayanai huɗu. Shugaban kwamitin yana da hannun jari 200 cikin 10,000 na kamfanin da ya ci. Mamba ta biyu ajinsu ɗaya a sakandare da manajan wannan kamfani shekara ashirin da suka wuce. Mamba na uku ya faɗa a wani taron jama'a, wata ɗaya kafin zaman, cewa muddin yana kan kujerarsa kamfani na biyu ba zai ga lasisi ba. Sannan sufeton da ya rubuta rahoton cewa motocin kamfani na biyu ba su da lafiya ya ci gaba da zama a ɗakin bayan an sallami kowa, har aka kaɗa ƙuri'a.

Kafin ka taɓa ko ɗaya, tambayi kanka wane irin hukunci ne wannan. Zaɓi ne tsakanin masu nema biyu, bisa sharuɗɗan da doka ta gindaya, bayan an saurari kowa. Ya yi kama da aikin kotu, don haka ƙa'idar za ta yi aiki da ƙarfinta. Sannan ka ɗauki mutanen ɗaya bayan ɗaya, kada ka cure su.

Shugaban yana ƙofar farko. Kashi biyu cikin ɗari na kamfanin nasa ne, lasisin zai ƙara wa kamfanin riba, ribar za ta iso gare shi. Ba ka bukatar mai kallo mai adalci a nan, kuma ɗalibin da ya ɓata shafi guda yana auna shugaban da ma'aunin Porter ya nuna bai rarrabe ƙofofin ba. Za a ce maka ai ko an cire ƙuri'arsa saura uku da ɗaya. Amsar ita ce kwamiti ba tara ƙuri'u kawai yake yi ba, tattaunawa yake yi. Shugaba ne ke tsara wanda zai yi magana, shi ke taƙaita hujjoji, kuma ba wanda zai iya warware tasirinsa daga zukatan sauran, kamar yadda ba a tsame digon tawada daga kofin ruwa. A ƙaramin kwamiti mai aiki irin na kotu, mutum ɗaya ya isa ya ɓata hukuncin duka. A babbar majalisa ta zaɓaɓɓu mai mambobi da yawa, kotuna sukan duba ko mutumin ya yi tasiri kafin su soke, amma ba ita ce a gabanka ba.

Mamba ta biyu tarko ce aka ɗana maka. Zama aji ɗaya shekara ashirin baya, shi kaɗai, ba komai ba ne. Ka faɗi haka a jimla biyu, sannan ka ƙara da cewa amsar za ta sauya idan har yanzu suna ziyartar juna, ko akwai bashi ko kasuwanci a tsakaninsu.

Mamba na uku ya fi bukatar natsuwa, domin a nan ake bambanta karkatar ra'ayi da rufe zuciya. Jami'an gwamnati da zaɓaɓɓun wakilai ba alƙalai ba ne. An zaɓe su ne saboda suna da manufa, kuma ba laifi su zo da ita wurin zama. A shari'ar Franklin ta 1947, wani minista ya tsaya gaban mutanen Stevenage suna yi masa ihu ya nuna musu cewa shirin mayar da garinsu sabon birni zai gudana, daga baya kuma ya tabbatar da shirin bayan an saurari ƙorafe-ƙorafe. Kotun ƙoli ta ƙi soke shi, ta ce aikinsa na gudanar da manufa ne, abin da ake nema gare shi kawai ya duba ƙorafin da gaske. Da mamba na uku cewa ya yi ya fi son kamfanoni masu sababbin motoci, da wannan ra'ayi ne a kan manufa, kuma zai tsira. Amma ya ambaci mai nema da sunansa, ya yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe fayil, ya kuma ɗaure kansa a bainar jama'a ta yadda sauya ra'ayi zai zame masa abin kunya. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma shi da bakinsa ya ba da labarin. Mai kallo mai adalci zai ga yiwuwa ta gaske.

Sufeton shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi, saboda ba ya kaɗa ƙuri'a. Amma shi ne mai zargi, kuma mai zargi ba ya zama da masu hukunci a bayan idon wanda ake zargi. A shari'ar Hook ta 1976, an ƙwace izinin wani ɗan kasuwa a Barnsley bayan an gan shi yana fitsari a wani lungu da yamma, kasuwa ta tashi, bayan gida kuma a rufe. Manajan kasuwar da ya kore shi ya zauna tare da kwamitin da ya saurari kokensa har lokacin shawara. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Abin da za ka nema a aikace shi ne takardar bayanin zaman: wa ya halarta, ƙarfe nawa aka sallami ɓangarori, wa ya rage a ɗakin. Sau da yawa shari'ar gaba ɗaya a wannan layi ɗaya take rataye.

Yanzu ka juya ka tsaya a inda lauyan hukumar zai tsaya, domin yana da makamai biyu. Na farko shi ne cewa kun yafe haƙƙinku. Idan shugaban ya bayyana jarinsa a farkon zama, aka tambayi kamfani na biyu ko yana da ja, lauyansa ya ce a ci gaba, to bakin alƙalami ya bushe. Ba a yarda mutum ya yi shiru yana jiran ya ga inda hukunci zai faɗi, in ya ci ya yi murna, in ya faɗi ya ta da maganar, wannan ihu ne bayan hari. Sai dai yafewar ba ta inganta sai an san cikakken bayani, an san ana da damar ƙin yarda, an kuma yafe a sarari ba bisa matsi ba. Shugaban da ya ce yana da "'yar alaƙa" da kamfanin bai bayyana jari 200 ba, kuma shirun da aka yi bayan wannan rabin bayani ba yafewa ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Makami na biyu shi ne larura. Idan doka ta ce wannan mutum ko wannan kwamiti ne kaɗai zai iya yanke maganar, kuma ba wanda zai maye gurbinsa, to dole ya zauna, domin in ba haka ba maganar ba za ta taɓa yankuwa ba. Misalin da aka fi sani shi ne ƙarar da ta shafi albashin alƙalai gaba ɗaya: kotun ƙolin Amurka ta saurari irinta a 1980 bisa wannan dalili, tunda duk alƙalin tarayya yana da rabo a ciki. A misalinmu sai ka buɗe dokar da ta kafa kwamitin ka ga mutum nawa ake bukata kafin zama ya halatta. Idan uku ne, cire shugaba da mamba na uku ya bar uku daidai, larura ta faɗi. Idan huɗu ne, sai ka duba ko dokar ta ba da damar naɗa mamba na riƙo. Sai an rasa wannan ma sannan larura take da wurin tsayawa.

Abu na ƙarshe da za ka gaya wa kamfani na biyu ba zai yi masa daɗi ba. Cin wannan ƙara ba ya ba shi lasisi. Kotu za ta soke hukuncin ne ta mayar da maganar a sake zama, ba shugaban, ba mamba na uku, sufeton kuma ya ba da rahotonsa a gaban kowa ya fita tare da kowa. Sabon zaman yana iya sake ba kamfani na farko, kuma idan motocin kamfani na biyu da gaske ba su da lafiya, mai yiwuwa hakan ce za ta faru. Ka kuma duba wa'adi tun ranar da ya shigo ofishinka, domin irin wannan ƙara ba ta jira: a Ingila sai an shigar da ita cikin hanzari, kuma a bisa ƙa'ida kada ta wuce wata uku daga ranar da dalilin ƙarar ya taso.